Tsayar da cirar kuɗi daban, goge asusu daban: wanne ya dace da kai?

Ina da ɗan shago na cajin waya da POS a wani ƙauye da ke kan hanyar Ringim, kuma a shagon nan babu makon da zai wuce ban ji wani ya miƙo mini waya ya ce, "Don Allah goge mini wannan abin" ba. Da farko nakan karɓa kawai in danne tambarin manhajar in cire ta, mai waya ya yi godiya ya tafi. Sai daga baya na gane cewa kalmar "goge" ɗin nan abu uku take nufi, kuma mafi yawan masu faɗinta ba su san wanne suke so ba. Akwai cire manhaja daga waya, akwai tsayar da kuɗin da ake cira duk wata, akwai kuma sa kamfani ya rufe asusunka ya share bayananka da ke hannunsa. Na farkon ba ya tsayar da komai. Na biyu da na ukun su ne abin zaɓi, kuma a kansu nake son in tsaya.

Wanda ya taɓa shiga adashi zai fi saurin ganewa. Ka daina bi ta ƙofar gidan uwar adashi, wannan bai fitar da kai ba, ranar zubi za ta aiko yaro. Ka je ka ce mata daga wannan zagayen ka daina zubi, to kuɗinka ya tsaya, amma sunanka da lambarka da lissafin duk abin da ka taɓa zubawa suna nan a littafinta. Kafin a yage shafin nan, sai ka sake buɗe baki ka nema, kuma ko ka nema tana iya ce maka akwai layin da ba za ta yage ba sai an gama lissafi da kowa.

Abin da ya koya mini wannan a gidanmu ya faru. Ɗan yayana ya zauna jarabawar JAMB, kuma tun watan Fabrairu ya sauke wata manhaja ta gwajin tambayoyi wadda ake biyan naira 2,500 duk wata. Da yake shi ba shi da kati, da katin ATM na mahaifinsa aka biya, da saninsa. Yaro ya yi jarabawa a Afrilu, ya cire manhajar daga wayarsa don ya sami wurin ajiye hotuna, a ganinsa magana ta ƙare. Yaya kuwa ba mai karanta alat ba ne. Sai da damina ta kankama, ya zo wurina cirar kuɗin taki a ƙarshen Yuli, ya ga abin da ya rage bai kai lissafinsa ba. Muka bi saƙonnin banki ɗaya bayan ɗaya, sai ga cira uku, ta Mayu da ta Yuni da ta Yuli, kowacce ranar 5 ga wata. Naira 7,500 ke nan a kan manhajar da ba ta ma cikin wayar.

Da aka kira yaron, cewa ya yi, "Baffa, wallahi na goge ta tun ranar da muka fito daga jarabawa." Gaskiya ya faɗa. Ya goge abin da yake gani.

Abu na farko da za ka bincika idan kana son cira ta tsaya shi ne wa yake cirar. Ba kullum kamfanin manhajar ne da kansa ba. Duba bayanin da ke cikin alat ɗin. Idan ka ga GOOGLE a farkon sunan, to ta Play Store aka ƙulla biyan, kuma can ne kawai za a warware shi. Namu haka yake. Muka buɗe Play Store a wayar yaron, muka taɓa hotonsa da ke sama, muka shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions. Manhajar da ya cire tun Afrilu tana nan zaune da ranar cira ta gaba, 5 ga Agusta. Muka danna Cancel subscription, aka yi mana tambayar dalili, muka tabbatar. Alamar cewa ya yi ita ce wurin da a da yake nuna ranar da za a sake cira ya koma nuna ranar da biyan zai ƙare, kuma saƙo ya shigo Gmail ɗinsa. Idan ba ka ga waɗannan ba, ka ɗauka ba ka gama ba, musamman a nan wurinmu da sabis kan ɗauke ana tsakiyar abu.

Idan kuma ba ta Play Store ba ne, wato ka shigar da lambobin katinka kai tsaye a shafin kamfanin, to a cikin asusunka na kamfanin za ka nemi wurin tsayarwa, ko a cikin imel ɗin rasit da aka turo maka ranar farko, domin sau da yawa akwai mahaɗin sokewa a ƙasansa. Mai iPhone kuma a Settings zai taɓa sunansa ya shiga Subscriptions.

To me wannan matakin ya ba mu? Kuɗi ya daina fita. Kwanakin da aka riga aka biya ba su ɓata ba, yaron na iya amfani da manhajar har 5 ga Agusta in ya so. Asusunsa yana nan da sakamakon duk gwajin da ya yi, in ya koma baɗi zai tarar da su. Abin da bai ba mu ba kuwa shi ne kamfanin ya manta da shi. Cikakken sunansa, lambar wayarsa, imel ɗinsa, sunan makarantarsa, hoton fuskarsa da ya ɗora, duk suna nan a kwamfutocinsu. Shi ya sa mutum zai soke biya amma saƙonnin talla su ci gaba da shigowa, "dawo, mun rage maka farashi". A wurinsu kai ba baƙo ba ne, tsohon kwastoma ne da ake sa ran zai waiwayo. Katin Yaya ma yana nan maƙale a asusun Google na yaron, sai da muka koma Payment methods muka cire shi da hannu, domin soke biyan wata ɗaya ba ya cire kati.

Goge asusu wani aiki ne na daban, kuma ya fi nauyi. Nan kana ce wa kamfani ne ya rufe ƙofar gaba ɗaya, ya share abin da ya tara a kanka. Wannan ba alfarma kake roƙo ba. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC, kuma sashe na 34 na dokar ya ba mai bayanai haƙƙin ya nemi a nuna masa abin da aka ajiye a kansa, a gyara kuskure, ko a share ba tare da jan ƙafa ba. Ban da doka, masu kasuwar manhajoji ma sun sa nasu sharaɗin. Apple tun tsakiyar 2022 ya wajabta wa duk manhajar da ake buɗe asusu a cikinta ta samar da hanyar goge shi daga ciki. Google ma ya bi sahu, ya ƙara da cewa dole a sami wani shafi na intanet da mutum zai nemi gogewa ko da ya riga ya cire manhajar daga wayarsa. Wannan na ƙarshen yana da amfani ƙwarai ga irinmu masu tsumulmular data, domin ba sai ka sake sauke manhaja mai nauyi ba. Ka nemi manhajar a Play Store, ka gangara zuwa Data safety, a nan za ka ga ko sun bayyana hanyar neman gogewa.

Amma ga ramin da mutane suka fi faɗawa, kuma saura ƙiris mu ma mu faɗa. Da Yaya ya fusata ya ce, "A goge komai da komai yanzun nan," da mun bi maganarsa mun fara da goge asusun, da ranar 5 ga Agusta an sake cirar 2,500. Dalili shi ne yarjejeniyar biyan tana wurin Google, asusun kuma yana wurin kamfanin manhaja, littafi biyu ne a gida biyu. Yage ɗaya ba ya taɓa ɗayan. Idan kuma biyan kai tsaye ne da kati, haɗarin ya ɗan sha bamban: kamfanoni da yawa kan tsayar da cira idan asusu ya rufe, amma in wani bai yi ba, ka rasa ƙofar da za ka shiga ka tsayar, ka rasa rasit ɗin da ke ciki, sai dai ka tafi banki neman a toshe kati. Daga ƙauyenmu zuwa banki kuɗin mashin ne da yini guda a layi. Don haka jerin ba ya canzawa: ka fara tsayar da cira, ka ga shaidarta, ka kwashe abin da kake so, sannan ka nemi gogewa.

Kwashewar nan kada a raina ta. Rasit, takardar shaidar kammala wani kwas, hotuna, lissafin kasuwanci, duk abin da ke cikin asusun zai tafi tare da shi, kuma babu wanda zai dawo maka da shi. Haka kwanakin da ka biya: wanda ya biya ranar 5, ya goge asusu ranar 10, ya bar musu kwana ashirin da wani abu kyauta, domin gogewa ba ta jawo a mayar da kuɗi. In kuwa kana da niyyar neman a dawo maka da wani abu da aka cira, ka gama wannan maganar tukuna. Da wuya ka yi jayayya da kamfani a kan asusun da kai da kanka ka sa aka share tarihinsa.

Mu dai da muka zo goge asusun yaron daga baya, maɓallin Delete account ɗin da muka samu bai yi komai ba sai juyawa. Sai muka koma ga imel. A ƙasan shafin kamfanin akwai Privacy Policy, kuma a ƙarshensa akwai adireshin da ake tura irin wannan buƙata. Muka rubuta daga imel ɗin da aka buɗe asusun da shi, wanda shi ne babbar shaidar cewa mai asusun ne ke magana. A kan saƙon muka sa:

```
Request to delete my account and personal data
```

A ciki kuma, da Turanci mai sauƙi, muka faɗi sunan da ke kan asusun da lambar wayar, muka ce an riga an soke biya a rana kaza, muna neman a rufe asusun a share bayanan bisa Nigeria Data Protection Act 2023, a daina turo talla, kuma a rubuto mana idan an gama, tare da faɗin duk abin da za su ci gaba da riƙewa da dalilin riƙe shi da tsawon lokacin. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce mafi amfani a cikin wasiƙar, domin ita ke hana a ba ka amsar "an gama" alhali an kulle ƙofa ne kawai an bar kaya a ciki. Abin da ba mu sa ba shi ne kalmar sirri, ko lambobin kati, ko hoton katin ɗan ƙasa. Kamfanin da bai taɓa karɓar NIN ɗinka ba, ba shi da dalilin nemansa don ya goge ka. Ba a kai wa mutum ƙarin kaya don ya zubar da wanda ke hannunsa.

Kalmomin da ke kan allo ma suna yaudara. Log out fita ce kawai daga wannan wayar. Deactivate ɓoye asusu ne, komai na nan yana jiran ka dawo. Unsubscribe da ke ƙasan imel talla yake tsayarwa, ba cirar kuɗi ba. Delete account shi ne gogewa. Facebook misali ne mai kyau domin ya ajiye biyun gefe da gefe a wurin da ya kira Deactivation or deletion. Idan ka zaɓi gogewa, yana ba ka kwana 30 da za ka iya fasawa, kuma ya ce share komai daga rumbunsu na iya ɗaukar har kwana 90. WhatsApp ma kwana 90 ɗin yake faɗa. Wannan jinkirin ba lallai ne ya zama ha'inci ba, kamfanoni na ajiye kwafin bayanai a wurare da yawa saboda gudun asara, kuma kwafin ba ya gogewa rana ɗaya. Abin kiyayewa shi ne kada ɗoki ya sa ka riƙa shiga kana dubawa a cikin kwanakin jiran, domin a wasu manhajojin shigar ita ce fasawa. Idan da Sign in with Google ka buɗe asusun, gwajin shiga bayan an goge na iya buɗe maka sabo fil, ka koma gidan jiya. Gara ka jira wa'adin ya cika, sannan ka gwada Forgot password da imel ɗinka. In aka ce ba a san wannan adireshin ba, alama ce mai kyau, duk da cewa wasu shafukan amsa iri ɗaya suke bayarwa ko akwai asusu ko babu. Amsar da suka rubuto maka ita ce shaidar da za ka adana.

Akwai kuma abin da gogewa ba ta kaiwa gare shi, kuma gara a san shi tun kafin a sa rai. Saƙon da ka tura wa wani yana wayarsa, ba na kamfani ba ne balle ya share. Banki da kamfanonin hada-hadar kuɗi doka ce ta ɗaure su: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta musu adana bayanan kwastoma da na cinikinsa aƙalla shekara 5, har bayan an rufe asusu. Don haka wanda ya rufe asusunsa na wata manhajar tura kuɗi kada ya yi zaton tarihinsa ya tafi, kuma BVN ɗinsa na nan yadda yake. Bashi ma haka. Samari da yawa sun zo mini da manhajar rance suna so in "goge" don a daina kira. Ko an goge manhajar, ko an rufe asusun, bashin na nan, kuma mai ba da rance na iya kai sunan mutum kamfanonin da ke tara tarihin masu cin bashi irin su CRC, inda wani bankin zai gani gobe. Ka biya, ka karɓi shaidar ka biya, sannan ka yi maganar gogewa.

To wanne mutum zai zaɓa? A ganina, tsayar da biya kawai ya wadatar idan akwai yiwuwar ka dawo kuma abin da ke ciki naka ne mai amfani. Manomin da ke biyan manhajar lissafi lokacin kaka kawai, ko mai kallon ƙwallo da ke hutawa idan an tafi hutun gasa, ba shi da dalilin rusa abin da zai sake ginawa. Haka wanda ke biyan ƙarin wurin ajiya na Google One: in ya soke, ya koma 15 GB na kyauta, hotunansa ba sa ɓacewa nan take, sai dai in ya haura wannan adadin ba zai iya ɗora sabo ba kuma Gmail ɗinsa zai daina karɓar saƙo har sai ya rage kaya. Wannan mutumin kuskure ne babba ya goge asusun Google ɗinsa gaba ɗaya don kawai yana son cira ta tsaya, domin lambobin mutanensa da ajiyar WhatsApp ɗinsa da imel ɗin da ya yi rajistar makaranta da shi duk a nan suke rataye.

Gogewa kuwa nake ba da shawara idan ka tabbata ka gama, kuma kamfanin na riƙe da abin da ba ka so ya yi yawo: hoton fuska, hoton katin shaida, adireshin gida, bayanin rashin lafiya, ko lambobin mutanen da ke wayarka. Akwai wani dalili kuma da ya shafe mu nan karkara fiye da mutanen birni, wato yadda waya da layi ke sauya hannu. Waya ɗaya kan bi ta hannun wa da ƙane da matar gida kafin a kai ta kasuwa a sayar. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfanin sadarwa kan karɓe shi ya sayar wa wani. Duk asusun da aka bari a buɗe a kan tsohuwar lamba, wanda ya gaji lambar shi zai karɓi lambar sirrin da ake turowa ta saƙo, kuma da ita ake shiga. Asusun da aka daina biya amma ba a goge ba yana nan yana jiran wanda ya riƙe layin. Wanda ya san zai bar layi, ko dai ya sauya lambar a asusunsa, ko ya goge asusun tun layin na hannunsa, domin bayan ya rasa shi ko tabbatar da cewa shi ne mai asusun zai yi masa wuya.

A namu lamarin ba mu goge a ranar ba. Yaya na so, amma yaron ya ce, "Baffa, in ban sami gurbi ba ai zan sake zama baɗi." Maganarsa ta fi tamu ma'ana, don haka muka tsaya a kan soke biya da cire kati, muka bar asusun. Sai da sunansa ya fito, ya tabbata ba zai koma ba, sannan muka aika wasiƙar nan. Mako biyu shiru. Muka sake turawa a ƙarƙashin saƙon farko don ranar ta fito, muka ƙara layi ɗaya cewa in ba mu ji amsa ba za mu kai ƙorafi NDPC, wanda doka ta ba kowa damar yi. Bayan kwana huɗu suka amsa cewa sun goge asusun da hoton, amma za su riƙe rasit ɗin biyan kuɗi saboda lissafin haraji. Na ɗauki hoton amsar na tura wa yaron ya adana. Naira 7,500 ɗin kuwa ba ta dawo ba, Yaya ya cika kuɗin takinsa da na wani ɗan akuya da ya sayar.